Yadda ake farautar aigenbalu guda ɗaya: maimaicin juyi mai gusawa

Injiniyan da zai ɗora injin mai jujjuyawa a kan wani gini ba ya bukatar sanin dukkan mitocin da ginin ke iya girgiza da su. Abin da ya dame shi guda ɗaya ne: a cikin mitocin nan, wanne ya fi kusa da mitar da injin ɗinsa ke aiki a kai? A harshen lissafi, yana da matiriks A mai aigenbalu dubbai, ya zaɓi wata lamba σ, yana son aigenbalun da ya fi kusa da ita, tare da aigenbektansa. Ga wanda ya ɗan kwana biyu bai taɓa darasin ba, aigenbekta shi ne bektan v wanda idan A ya ninka shi ba ya sauya alkibla, tsawonsa kawai ke sauyawa, wato Av = λv, lambar λ ɗin kuma ita ce aigenbalu.

Tsohuwar hanyar maimaita ninkawa ba ta biyan wannan bukata. A can ɗaukar bekta ake yi a riƙa ninka shi da A ba ƙaƙƙautawa, har ɓangaren aigenbalu mafi girma ya danne sauran. Mafi girma kaɗai take gani. Wanda ke tsakiyar jeri kuwa, ko shekara za a yi ana ninkawa, ba zai leƙo ba. Dabarar da Helmut Wielandt ya kawo a 1944, wadda James Wilkinson ya zo daga baya ya tsefe ta ya nuna dalilin da ya sa take aiki a kwamfuta, ita ce a sauya matiriks ɗin ta yadda wanda ake nema zai zama shi ne mafi girma.

Sauyin mataki biyu ne. Na farko, a cire σ daga kowace lamba da ke kan layin dayagonal, a sami A − σI. Aigenbekta ba su motsa ba ko kaɗan, aigenbalu ne kowanne ya koma λ − σ. Wanda ya fi kusa da σ yanzu shi ne ya fi kusa da sifili. Na biyu, a juya matiriks ɗin. Juyayyen matiriks yana da aigenbekta iri ɗaya da na asali, amma aigenbalunsa sun zama 1/(λ − σ). Ɗaya bisa ƙaramar lamba babbar lamba ce. To, shi ke nan, na kusa da σ ya zama sarki, sai a saki hanyar maimaita ninkawa a kansa.

Bari mu taɓa abin da hannu. Ga matiriks ɗinmu:

```
A = [  2  -1   0 ]
    [ -1   2  -1 ]
    [  0  -1   2 ]
```

Na zaɓe shi ne don an san amsarsa. Aigenbalunsa su ne 2 − √2, wato kusan 0.5858, sai 2, sai 2 + √2, wato kusan 3.4142. Aigenbektan na tsakiya yana bin alkiblar (1, 0, −1). Mu ɗauka ba mu san wannan ba, muna neman na kusa da σ = 1.8. Bayan cirewa, aigenbalun sun zama −1.2142 da 0.2 da 1.6142. Bayan juyawa kuma sun zama −0.8236 da 5 da 0.6195. Na tsakiya, wanda ɗazu ba shi ne babba ba, ba kuma shi ne ƙarami ba, yanzu ya ninka na biye da shi sau shida.

A aikace ba a lissafo juyayyen matiriks ɗin. Abin da ake yi shi ne warware jerin ikweshin (A − σI)y = x, domin y ɗin da zai fito daidai yake da abin da juyayyen zai bayar idan ya ninka x. Mu fara da x = (1, 0, 0), mu kira lambobin y da a, b, c. Layi na uku ya ce −b + 0.2c = 0, don haka b = 0.2c. Layi na farko ya ce 0.2a − b = 1, don haka a = 5 + c. Idan aka zuba su a layi na biyu, −a + 0.2b − c = 0, za a ga −1.96c = 5. Ke nan c = −2.5510, b = −0.5102, a = 2.4490. Tsawon wannan bekta 3.5729 ne, idan aka raba shi da tsawonsa sai a sami (0.6854, −0.1428, −0.7140). Zagaye ɗaya tak, kamannin (1, 0, −1) sun fara bayyana. Sabon bektan nan shi za a mayar gurbin x a sake warwarewa. Zagaye na biyu ya ba da (0.7219, 0.0059, −0.6919), na uku ya ba da (0.7062, −0.0032, −0.7080), alhali amsar gaskiya ita ce (0.7071, 0, −0.7071). Raba wa da tsawo a kowane zagaye ba ado ba ne. Bektan yana ninkuwa kusan sau biyar a duk zagaye, idan σ ya fi haka kusa kuma sau miliyoyi, in ba a rage shi ba lambobin za su fi ƙarfin ma'ajiyar kwamfuta.

Shi kansa aigenbalun ana ciro shi ne daga bektan, ta hanyar rabon Rayleigh: idan tsawon x ɗaya ne, ρ = xᵀAx. A zagaye ukun nan ρ ya ba da 1.9918, sai 1.99965, sai 1.999988. Ka lura aigenbalun ya fi bektan saurin isa. Ga matiriks mai madubi irin namu, wanda layukansa daidai suke da ginshiƙansa, kuskuren ρ yana tafiya ne da murabba'in kuskuren bektan. Bekta mai kuskuren ɗaya bisa dubu zai ba da aigenbalu mai kuskuren da bai wuce kimanin ɗaya bisa miliyan ba.

Ga dukkan aikin a Python:

```python
import numpy as np
from scipy.linalg import lu_factor, lu_solve

A = np.array([[2., -1, 0], [-1, 2, -1], [0, -1, 2]])
lu = lu_factor(A - 1.8 * np.eye(3))
x = np.array([1., 0, 0])
for k in range(8):
    y = lu_solve(lu, x)
    x = y / np.linalg.norm(y)
    rho = x @ A @ x
    print(k + 1, rho, np.linalg.norm(A @ x - rho * x))
```

Abin lura a nan, `lu_factor` yana wajen zagayen. Tunda σ ba ya sauyawa, sau ɗaya ake farfasa matiriks ɗin zuwa L da U, wato matiriks biyu masu siffar alwatika waɗanda warware su ke da sauƙi. Ga cikakken matiriks mai layi n, farfasawar tana cin kusan 2n³/3 na ayyukan lissafi, kowace warwarewa bayanta kuma 2n² kawai. Idan n = 1000, farfasawa ɗaya ta kai tsadar zagaye fiye da ɗari uku. Ga matiriks mai yawan sifili kuwa, lissafo juyayyensa ɓarna ce tsagwaronta, domin juyayyen yakan cika maƙil da lambobi. Haka nan, idan σ ya faɗa tsakiyar jerin aigenbalu, A − σI zai kasance da masu alamar tarawa da masu alamar cirewa, farfasawar Cholesky ba za ta yiwu ba ko da A ɗin asali yana karɓarta. Sai LU mai musanya layuka, ko LDLᵀ.

Saurin aikin ya dogara ne a kan rabo guda: nisan σ daga aigenbalu mafi kusa, a raba da nisansa daga na biyu a kusanci. A misalinmu 0.2 bisa 1.2142 ne, wato 0.165, kuskuren bektan yana raguwa kusan sau shida a kowane zagaye, kuma zagaye takwas sun isa a rage shi sau miliyan. Da mun ɗauki σ = 1.99, rabon zai zama 0.0071, zagaye uku sun wadatar. Da kuma mun ɗauki σ = 1.3, nisan zuwa 2 shi ne 0.7, nisan zuwa 0.5858 kuma 0.7142, rabon ya zama 0.98, aikin da ya ci zagaye takwas zai ci kusan 690. Idan σ ya zauna daidai tsakiyar biyun, bektan ba zai taɓa tsayawa ba, zai yi ta lilo tsakanin alkibla biyu. Wannan ba laifin dabarar ba ne, tambayar ce ba ta da amsa guda.

Yanzu ga wurin da, a ganina, ya fi ko'ina cancantar a zauna a kai. Mun ce gwargwadon kusancin σ da aigenbalu, gwargwadon saurin aiki. Amma duk wanda ya koyi warware jerin ikweshin an ja masa kunne cewa matiriks da ya kusa rasa juyi abin gudu ne, domin ɗan ƙaramin kuskure a lambobinsa kan zama katafaren kuskure a amsa. A − σI kuwa, idan σ ya yi kusa da aigenbalu, shi ne ainihin irin wannan matiriks ɗin. Wasu manhajojin har gargaɗi suke bugowa a allo. To ta yaya abin da aka hana mu shi zai zama shi muke nema?

Gargaɗin gaskiya ne, kuskuren yana da girma. Abin tambaya shi ne ina kuskuren ya nufa. Ka ɗauka kwamfuta ta warware da ɗan kuskure, kamar a ce x ɗin da ta yi aiki da shi ya sami ɗan ƙari e. Kuskuren da zai bayyana a y shi ne juyayyen matiriks ɗin ya ninka e. Shi kuma juyayyen nan halinsa ɗaya, duk abin da aka miƙa masa sai ya kumbura ɓangarensa da ke kan aigenbektan da muke nema, ya bar sauran ɓangarorin kusan yadda suke. Ba ya bambanta x da e. Don haka babban kuskuren yana kwance ne a kan alkiblar da muke so. Tsawon y yake lalatawa, alkiblarsa tana nan, tsawon kuma dama zubar da shi muke yi da mun raba.

Mu gani da lambobi. A ce σ = 1.999999, tazararsa da 2 ɗaya bisa miliyan. Bektan farawa (1, 0, 0) yana da ɓangare 0.7071 a kan aigenbektan tsakiya, da 0.5 a kan kowanne daga sauran biyun. Bayan warwarewa ɗaya, ɓangaren tsakiya ya zama kusan 707,107, sauran biyun kowanne kusan 0.354. Yanzu a ce kuskure ya shiga, kowace lamba a dayagonal ta ƙaru da 0.0000001. Tazarar ta koma 0.0000011, ɓangaren tsakiya ya faɗo zuwa kusan 642,824. Kuskuren ya haura dubu sittin, kusan kashi tara cikin ɗari na amsar. A matsayin maganin jerin ikweshin, wannan amsa ta lalace. Amma sauran ɓangarorin suna nan a 0.354, kuma 0.354 a gefen 642,824 ko a gefen 707,107 duk ƙasa da ɗaya bisa miliyan ne. Da an raba da tsawo, bektocin biyu sun zama abu ɗaya har wajen lamba ta shida bayan ɗigo.

Wannan shi ne abin da Wilkinson ya tabbatar a tsanake. Farfasawar LU mai musanya layuka tana ba da amsar da take daidai ga wani matiriks da ke dab da wanda aka ba ta, bambancinsu bai wuce ƙurar datse lambobi ba, wadda a lissafin kwamfuta mai bit 64 take kusan 10⁻¹⁶ na girman lambobin. Ga matiriks mai madubi, irin wannan ƙura tana motsa aigenbekta ne da kimanin girmanta a raba da tazarar da ke tsakanin aigenbalun da maƙwabcinsa. Ke nan abin tsoro shi ne kusancin aigenbalu biyu da juna. Kusancin σ da aigenbalu guda alheri ne. Ko da σ ya faɗa daidai kan aigenbalun, har lambar da za a raba da ita a cikin U ta fito sifili, maganin da aka saba yi shi ne a maye gurbin sifilin da 'yar ƙaramar lamba mai girman ƙurar nan, a ci gaba. Sau da yawa zagaye ɗaya ko biyu sun gama aiki. Shi ya sa babban amfanin dabarar a manyan ɗakunan manhaja shi ne ciro aigenbekta bayan an riga an sami aigenbalu ta wata hanya. `dstein` na LAPACK haka yake yi ga matiriks mai madubi mai dayagonal uku, inda kowane zagaye ba ya cin fiye da wani ninki na n.

Inda aigenbalu suka cunkushe wuri guda, labari ya sauya. Idan biyu sun kusa haɗewa, aka yi maimaicin ga kowanne daban, bektocin da za su fito kowanne zai iya cika sharaɗin Av ≈ λv, amma ba za su tsaya a kusurwa 90 da juna ba kamar yadda ya kamata, wani lokaci ma kusan bekta ɗaya ne ya fito sau biyu. Ana gane wannan ta ninka su ciki da ciki: idan sakamakon bai kusa sifili ba, akwai matsala. Maganin shi ne a kowane zagaye a cire daga sabon bektan ɓangarorin waɗanda aka riga aka samu a cikin cunkoson, ta hanyar Gram da Schmidt, kuma wannan yana da tsada idan cunkoson babba ne. Ga matiriks marar madubi kuma a yi hattara ƙwarai, domin hujjar da na kawo ta jingina ne a kan aigenbekta masu tsayuwa a kusurwa 90. Idan sun kwanta kusa da juna, ƙaramar ƙura kan iya gusar da aigenbalun kansa nesa, kuma an san yanayin da zagayen farko ya fi na bayansa kyau. Sannan aigenbalun da ya fi kusa yana iya zama mai ɓangaren lambar zato, irin waɗannan kuma bibbiyu suke zuwa, nisansu ɗaya daga kowane σ na gaske, sai an ɗauki σ mai ɓangaren zato kafin a raba su.

Sai batun yaushe za a tsaya. Kada a dogara da ρ shi kaɗai. Misalinmu ya nuna dalili tun kafin a fara: bektan farawa (1, 0, 0) yana ba da ρ = 2 cif, amsar gaskiya, alhali shi ba aigenbekta ba ne ko kusa. Ɓangarorin sama da na ƙasa ne suka soke juna. Abin dubawa shi ne ragowa, r = Ax − ρx. Ga bektan farawa ragowar ita ce (0, −1, 0), tsawonta ɗaya, ta tona asiri nan take. A zagaye ukun da muka yi tsawonta ya sauko zuwa 0.204, sai 0.031, sai 0.0049, kowanne kusan kashi ɗaya bisa shida na wanda ya gabace shi, kamar yadda rabon 0.165 ya yi hasashe. Ga matiriks mai madubi ragowa tana ɗauke da tabbaci: lalle akwai aigenbalu na gaske wanda nisansa da ρ bai wuce tsawon r ba. Kwatanta bektan yanzu da na zagayen baya kuma yana da tarko. Idan σ ya fi aigenbalun girma, kamar 2.2, to 1/(λ − σ) yana da alamar cirewa, bektan zai riƙa juya alama a kowane zagaye, mai kwatantawa ya zaci bai tsaya ba alhali ya daɗe da isa.

Amma ragowa ba ta cewa aigenbalun da aka samu shi ne mafi kusa da σ. Wannan ya taɓa cin ni a farkon koyona, kuma dalilin bektan farawa ne. Hannu yakan tafi kai tsaye ga (1, 1, 1) don sauƙinsa. A matiriks ɗinmu, ninka (1, 1, 1) da (1, 0, −1) ciki da ciki yana ba da sifili, wato bektan farawar ba shi da ko ɗigon ɓangaren da ake nema. Abin da babu shi ba ya kumbura. Maimaicin zai kama hanyar 0.5858, kuma bayan zagaye goma ρ zai nuna kusan 0.5861, yana sauyawa a hankali kamar wanda ya kusa isa. A kwamfuta ƙurar datse lambobi takan shigo da ɗan ɓangaren da ya ɓace, shi kuma yana ninkuwa sau shida a kan abokin takararsa a duk zagaye, don haka daga 10⁻¹⁶ yana bukatar kimanin zagaye ashirin kafin ya ƙwace ragama. Wanda ya tsaya a na goma ya tafi da amsar da ba ita ya tambaya ba. Irin wannan ba tsautsayi ba ne da ke faruwa jefi-jefi. Duk tsarin da ɓangarensa na hagu yake madubin na dama yana da aigenbekta da ke soke bektan da lambobinsa duk ɗaya ne. Bektan farawa na lambobin da aka zaɓo barkatai, irin na `np.random.randn`, ya kawar da wannan.

Akwai kuma hanyar tabbatarwa da ba ta dogara da sa'a ba, ga matiriks mai madubi. Dokar Sylvester ta ce idan aka farfasa A − sI zuwa LDLᵀ, adadin lambobi masu alamar cirewa a cikin D daidai yake da adadin aigenbalun da ke ƙasa da s. Ga matiriks ɗinmu lissafin gajere ne: lamba ta farko ita ce 2 − s, kowace mai biye kuma 2 − s ce a cire ɗaya bisa wadda ta gabace ta. A ce mun fito da 0.586 muna shakka. A s = 0.6 lambobin su ne 1.4 da 0.6857 da −0.0583, mai alamar cirewa ɗaya. A s = 2.9 su ne −0.9 da 0.2111 da −5.637, masu alamar cirewa biyu. Ke nan akwai aigenbalu guda tsakanin 0.6 da 2.9, kuma duk inda yake a wannan tsakani ya fi 0.586 kusa da 1.8. Mun tsallake shi, sai a koma da wani bektan farawa.

Mai karatu zai iya cewa, tunda ρ yana matsowa kusa da amsa fiye da σ na farko, me zai hana a mayar da shi sabon σ a kowane zagaye? Ana yin haka, shi ne maimaicin rabon Rayleigh, kuma ga matiriks mai madubi adadin lambobin da suka yi daidai yakan ninka kusan sau uku a duk zagaye idan an kusa isa. Kuɗinsa biyu ne. Dole a sake farfasa matiriks a kowane zagaye. Sannan σ ya bar inda ka kafa shi, yana bin bektan duk inda ya nufa, don haka alkawarin samo na kusa da lambarka ya warware. Da (1, 1, 1) ρ na farko 0.667 ne, daga nan kuwa 0.5858 zai nufa kai tsaye cikin sauri. Ni dai abin da nake yi shi ne in bar σ a kafe har ragowa ta ragu sosai ta kuma riƙa raguwa da rabo tsayayye, sannan in sake shi ya bi ρ na zagaye ɗaya ko biyu. Idan kuma aigenbalu biyar ko goma na kusa da σ ake so daga babban matiriks mai yawan sifili, farfasawar nan guda ɗaya ake miƙa wa hanyar Lanczos ko Arnoldi maimakon a riƙa jefar da tsofaffin bektoci, kuma shi ne abin da ke gudana a ciki idan ka rubuta `eigsh(A, k=5, sigma=1.8)` a SciPy ko `eigs(A, 5, 1.8)` a MATLAB.